Taba, Fetur da Giya: Me Ya Sa Haraji Ya Fi Sauka a Kansu?

A bakin titin unguwarmu a Garwa akwai mutum biyu da ke wuni kusa da juna. Ɗaya mai tebur ne, yana sayar da ashana, alewa, goro, maganin sauro da taba sigari kara-kara. Ɗayan ya jera kwalabe a kan benci cike da fetur ɗin zuwa-zuwa, mazurarinsa na rataye a ƙusa. Duk wanda ya sayi karan taba a wajen na farkon ya biya gwamnati haraji, ya sani ko bai sani ba, matuƙar kwalin ta hannun duwan ya shigo. Wanda ya sha mai a wajen na biyun kuwa, baitulmalin Kamaru bai ga ko dala ɗaya a cinikinsa ba. Abin da masana tattalin arziki suka rubuta a kan wannan haraji yana aiki tsaf a kan teburin, amma idan aka matsa taku uku zuwa bencin sai lissafin ya fara tangal-tangal.

Harajin da ake magana a kai ba TVA ba ne. TVA tana hawa kusan kowane kaya da aka saya da rasit, kashi 19.25 cikin ɗari a Kamaru. Wannan kuwa na musamman ne, ana zaɓen wasu kayayyaki ƙalilan a ɗora musu shi. A takardun dokar kasafin kuɗi za ka ga an rubuta shi droit d'accises, na man fetur kuma yana da nasa sunan daban, TSPP. Ba a karɓarsa a hannun mai saye. Ana karɓarsa tun daga tushe, a ƙofar masana'anta, ko a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ko a ma'ajiyar mai, sannan ya biyo kayan a ɓoye cikin farashi har ya iso aljihunka. A Kamaru ana lissafa TVA ne bayan an haɗa da shi, wato haraji ne a kan haraji: idan aka ƙara sefa 100 na musamman, abin da zai iso kanti ya kai kusan 119.

To me ya sa waɗannan ukun, taba, fetur da giya? Dalili na farko ba shi da alaƙa da lafiya ko tarbiyya, sauƙin karɓa ne kawai. Ɗauki goro. Tsohon da ya saba da cin goro ba ya fasawa don farashi ya tashi, sai dai ya raba ƙwaya ɗaya gida huɗu. Ta wannan fuskar goro ya dace da haraji kamar taba. Amma goro yana fitowa daga gonaki dubbai, yana bi ta hannun fatake da dillalai marasa adadi, babu wata ƙofa ɗaya da ma'aikacin haraji zai tsaya ya ƙirga huhu. Fetur kuwa duk wanda ya shigo ta hanyar doka sai ya bi ta tankunan SCDP, kamfanin ajiyar mai na ƙasa, ko na matatar SONARA. Giyar kwalba kamfanoni ne 'yan kaɗan ke yin ta. Ma'aikata goma da littafi ɗaya sun isa su tara biliyoyi. A ƙasar da yawancin ciniki ba ya shiga takarda, kuma masu albashin da za a yanke wa haraji ba su da yawa, wannan dalili kaɗai ya ishi ministan kuɗi. Tun 1776 Adam Smith ya lissafa sukari, barasar rum da taba a matsayin kayan da ba dole ba ne a rayuwa amma kusan kowa na amfani da su, ya ce saboda haka sun dace da haraji ƙwarai.

Dalili na biyu wani matashin masanin lissafi na Cambridge, Frank Ramsey, ya tsara shi a 1927. Tambayarsa ita ce: idan dole gwamnati ta tara wani adadin kuɗi, wane kaya za ta ɗora wa haraji don ɓarnar da za a yi wa kasuwa ta zama kaɗan? Amsar da aka fi ɗauka daga aikinsa ita ce a ɗora a kan kayan da mutane ba sa gudu idan sun yi tsada. Idan ka sa wa mangwaro haraji mutane za su koma gwaiba, mai mangwaro ya yi asara, mai saye ya rasa abin da yake so, gwamnati kuma ta tashi a tutar babu. Amma ɗan kilando ba zai zuba ruwa a tankin babur ba, mashayin taba kuma ko da kuka zai saya.

Sai dai wannan ƙa'ida tana da mugun baki idan aka bi ta har ƙarshe, domin kayan da talaka ba ya iya gudu su ne gishiri, gero da magani. Sarakunan Faransa sun ɗora wa gishiri haraji shekaru aru-aru, mutane suka tsane shi har aka soke shi a 1790 bayan juyin juya hali. Turawan Ingila sun yi irinsa a Indiya, shi ne ya fitar da Gandhi tattaki zuwa bakin teku a 1930. Don haka taurin kan mai saye bai isa hujja shi kaɗai ba. Ana bukatar wani dalili da zai raba taba da gishiri.

Wannan dalilin Arthur Pigou ne ya kawo shi a 1920. Ya lura cewa akwai cinikin da mai saye da mai sayarwa ke gamawa su rabu lafiya, amma cutarsa ta faɗa kan wani na uku da bai ji ba bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai gida ya busa taba a ɗaki, jaririn da ke kwance ya shaƙa. Direba ya sha giya ya hau titi, ya kaɗe mai tallar ƙosai. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ban da hayaƙin da masu zama bakin titi ke shaƙa. Tunda mai jawo cutar ba shi ke biya ba, farashin da yake gani ya yi ƙasa da ainihin abin da kayan ke ci wa jama'a, sai ya yi amfani da su fiye da kima. Maganin Pigou shi ne a auna cutar a mayar da ita kuɗi a ɗora a kan farashi, don tsuntsun da ya ja ruwa, ruwan ya doke shi. Bai ce a hana ba. Ya ce mai yi ya biya kuɗin abin da ya jawo, sannan ya yanke shawara da kansa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya, domin dalilan nan biyu suna jan igiya ne ta fuska daban-daban. Ƙa'idar Ramsey ta zaɓi taba don mutane ba za su daina ba. Ƙa'idar Pigou da likitoci sun zaɓe ta don mutane su rage. Idan kowa ya tuba baitulmali ya bushe, idan babu wanda ya rage asibiti bai ga sauƙi ba. Ya aka yi gwamnatoci ke tauna taura biyu a baki ɗaya?

Lissafi ne ke warware wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike daga ƙasashe da yawa, abin da ya fito shi ne idan farashin taba ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, shanta na raguwa da kimanin kashi 4 a ƙasashe masu arziki, kimanin kashi 5 a ƙasashe irin namu. Bari mu gwada da misali, alƙaluman nawa ne don sauƙin fahimta. A ce a wani gari ana sayar da kwali 1,000 a rana, kowane kwali sefa 500, a ciki 100 haraji ne. Gwamnati na samun 100,000 a rana. Sai aka ƙara harajin da 50, farashi ya koma 550, ƙarin kashi 10 ke nan. Ciniki ya sauka da kashi 5, ya koma kwali 950. Yanzu gwamnati na karɓar 150 sau 950, wato 142,500. Kuɗin shiga ya ƙaru da 42,500, an kuma rage busa kwali 50, kara dubu ke nan a kowace rana. Duka biyun sun samu ne saboda mutane suna ja da baya, amma ba daidai da yadda farashi ya hau ba. Kuma binciken ya nuna kusan rabin raguwar daga masu dainawa ne da samarin da ba su fara ba, sauran daga masu rage yawan karan da suke sha. Matasa da masu ƙaramin ƙarfi sun fi kowa jin zafin ƙarin farashi, su ne ke fara janyewa.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa ƙarin 50 ɗin zai iso hannun mai sha. A wajenmu sai an bi ta tebur tukuna, domin mutane kaɗan ne ke sayen kwali. Na taɓa tambayar mai teburin nan yadda yake yi idan sari ya tashi. Ya ce, "Malam, kwali kara ashirin ne. In na saro a 400 na sayar ishirin da biyar-biyar, na ci ɗari. In sari ya koma 450, wa zai ba ni ashirin da bakwai da rabi? Ina canjin yake?" Gaskiyarsa. Tsabar dala da dala biyu sun yi wuya a hannun mutane, saboda haka farashin kara ba ya tafiya a hankali, tsalle yake yi. Ko dai ya haƙura da rabin ribarsa ya bar kara a 25, mai sha bai ji komai ba, ko ya koma uku ɗari, wanda ƙari ne na kashi ɗaya bisa uku. Ƙaramin ƙarin haraji kan narke a tsakanin kamfani, babban ɗan kasuwa da mai tebur, ba tare da yaron da ke koyon sha ya san an yi ba. Shi ya sa masu nazarin abin suka fi son ƙari mai kauri lokaci ɗaya a kan ɗan ƙari-ƙari, kuma yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya, wadda ta fara aiki a 2005, ta nemi ƙasashe su hana sayar da taba kara-kara.

Abin da ya fi yawan harajin muhimmanci, kuma ba a cika kawo shi a labaran rediyo ba, shi ne yadda aka gina shi. Hanya biyu ce. Ko a ce kashi kaza na darajar kaya, ko a ce sefa kaza a kan kowane kwali ko lita ko kwalba, komai darajarsa. Ƙasashen yankinmu na CEMAC sun daɗe suna dogara da ta farkon, a Kamaru ma babban ma'aunin harajin musamman kashi 25 ne. Matsalar ita ce kashi kaza ɗin ba na farashin kanti ba ne, na darajar kayan ne a ƙofar masana'anta ko a takardar duwan. Mu koma misali. Taba mai araha da aka rubuta darajar kwalinta 200, aka ɗora mata kashi 30, harajinta 60 ne. Idan ta iso kanti a 500, wannan 60 ɗin kashi 12 ne kacal na abin da mai sha ya biya. An ji kashi 30 a rediyo an ce gwamnati ta matsa, alhali Hukumar Lafiya shawararta ita ce haraji gaba ɗaya ya kai kashi 75 na farashin kanti.

Ga kuma ƙofar maguɗi. Mai shigo da kaya ya rubuta 120 a maimakon 200, haraji ya faɗo daga 60 zuwa 36, kuma kafin ma'aikacin duwan ya tabbatar da ƙarya sai ya san ainihin farashin masana'antar da ke wata ƙasa, wadda sau da yawa reshe ce ta kamfanin da ke shigo da kayan. Na uku, harajin kashi yana faɗaɗa tazara tsakanin mai tsada da mai araha. Mai darajar 600 za ta biya 180 ta koma 780, mai 200 ta koma 260. Tazarar da take 400 ta zama 520. Wanda tsada ta kora daga ta sama ba ya dainawa, saukowa yake yi zuwa ta ƙasa, huhunsa kuma bai san bambanci ba.

Da an ce sefa 100 a kan kowane kwali, mai araha ta tashi daga 200 zuwa 300, ƙarin rabi, mai tsada daga 600 zuwa 700, ƙarin kashi ɗaya bisa shida. Nauyin ya fi sauka a kan wadda yara ke fara koyo da ita. Ma'aikaci ba ya bukatar sanin daraja, ƙirga katan kawai zai yi. Kuma ya fi dacewa da tunanin Pigou, tunda cutar tana bin yawan karan da aka busa ne, ba kyan kwali ba. Aibinsa ɗaya ne: ɗarin bana ba ɗarin shekara goma masu zuwa ba ce. Idan ba a rubuta a doka cewa zai riƙa hawa tare da tsadar rayuwa ba, sai ya lalace a tsaye, kamfanoni kuma su yi shiru abinsu. Don haka ƙasashe da yawa ke haɗa biyun, kashi kaza, amma kada ya gaza sefa kaza a kan kara dubu.

Masana ba bakinsu ɗaya ba a kan taba. Gary Becker da Kevin Murphy sun rubuta a 1988 cewa ko mai jaraba yana iya zama ya san abin da yake yi, ya auna daɗin yau da wahalar gobe ya zaɓa. In haka ne, cutar da ya yi wa kansa ba ruwan gwamnati, abin da ya shafa wa wasu kawai za a caje shi. Wasu ma sun lissafa cewa a ƙasashen da ke biyan fansho mai yawa mashayi yana rage wa gwamnati nauyi, tunda yana mutuwa da wuri. A 2001 wani rahoto da kamfanin Philip Morris ya sa aka yi a Jamhuriyar Cek ya faɗi haka ƙarara, aka yi ca a kansu har suka nemi gafara. Jonathan Gruber da Botond Kőszegi kuwa suka ce ba haka mutum yake ba: yawancin mashaya sun fara ne suna yara, yawancinsu suna son dainawa sun kasa, saboda haka tsadar tana taimaka wa mutum ne a kan son zuciyarsa. Ni na fi karkata nan, kuma ina da ƙarin dalili na gida. A wajenmu idan ciwon huhu ya kwantar da mai gida ba inshora ke biya ba. Matarsa ce ke sayar da akuya, ƙaninsa ke cin bashi, ɗansa ke barin makaranta. Abin da littafin Turai ya kira cutar da mutum ya yi wa kansa, a gidan Bahaushe cuta ce ta mutum goma.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa harajin nan talaka yake ci. Gaskiya ne ta fuska ɗaya: sefa 100 a aljihun lebura ba ɗaya take da 100 a aljihun Alhaji ba. Amsar masana ita ce tunda talaka ne ya fi saurin dainawa, shi ne kuma ya fi cin ribar lafiya da kuɗin da suka rage a gida. Amsar ta zauna ga wanda ya daina. Ga wanda ya kasa kuwa, kuɗin cefane ne ke raguwa, kuma babu lissafin da zai share wannan.

Giya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Yawancin masu karanta wannan ba sa sha, amma kuɗinta na shiga tukunya ɗaya da ake biyan malaman makaranta da ita, haɗarin mashayi a titi kuma ba ya tambayar addinin wanda ya kaɗe. Ƙa'idar masana a nan ita ce a ɗora haraji bisa yawan sinadarin maye da ke cikin abin sha, ba bisa girman kwalba ko tsadarta ba, don kada mafi ƙarfi ta zama mafi araha, kamar barasar leda da ta addabi samari. Iyakar ƙa'idar kuma a bayyane take a arewacin Kamaru da kudancin Cadi: bilbil da arki a gida ake dafa su, babu ƙofar masana'anta. Idan ta kwalba ta yi tsada, wani ya rage, wani ya koma wajen mai tukunya, inda babu wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin ƙwarya.

Wannan ya dawo da mu kan bencin mai zuwa-zuwa, inda abin ya fi rikicewa. A takarda fetur ya cika kowane sharaɗi: ana karɓa a wuri ɗaya, mutane ba sa iya gudunsa, yana da hayaƙi, kuma wanda ya fi shan mai shi ya fi cin titi, don haka harajin ya zama kamar kuɗin hanya. A Kamaru dokar kasafin 2017 ta sa TSPP a sefa 110 kan litar fetur, 65 kan litar gazuwal. Amma gwamnati ce ke yanke farashin famfo, kuma shekara da shekaru ta riƙe shi ƙasa da abin da man ke ci, tana cike giɓin daga baitulmali. Hannun dama na karɓar haraji, na hagu na mayar da tallafi. Bayan gobarar matatar SONARA a Limbe a watan Mayun 2019 sai ya zama tataccen mai daga waje ake sayo shi, da farashin duniya ya haura a 2022 tallafin ya kai wajen biliyan 1,000 na sefa, kamar yadda Shugaba Paul Biya ya faɗa da bakinsa. A irin wannan shekara, maganar cewa ana cajin mai mota kuɗin hayaƙinsa ba ta taso ba, biyansa ake yi ya ƙona. Binciken Asusun Lamuni na Duniya a ƙasashe masu tasowa ya nuna kashi 20 na sama a arziki suna cin tallafin mai fiye da ninki shida na abin da kashi 20 na ƙasa ke ci, don su ke da motoci da janareta. Shi ya sa asusun ya matsa a janye. Litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, gazuwal kuma daga 575 zuwa 720, sannan 828. Gwamnati na tafiya a hankali ne don ba ta manta Fabrairun 2008 ba, lokacin da yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama tarzoma.

Gazuwal yana da nasa zancen, wanda ya fi shafar mu na arewa. Jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa. Daga nan duk buhun siminti, sukari da shinkafa a bayan babbar mota yake zuwa Garwa, Marwa, Kuseri har Njamena, albasarmu ma haka take sauka kudu. Harajin gazuwal ba ya tsayawa a kan mai mota, yana shiga farashin kowane kaya, kuma wanda ya fi nisa da teku ya fi biya. Masana na gargaɗi a kan ɗora haraji mai nauyi ga abin da ake sarrafa wasu kaya da shi, wannan na cikin dalilan da ke sa ƙasashe da yawa sassauta wa gazuwal, duk da cewa hayaƙinsa ya fi cutar da huhu kuma manyan motoci ne ke farfasa kwalta. An kuma bar kananzir a 350 don talaka mai fitila. Niyyar mai kyau ce, amma tazarar kusan 480 a kowace lita tsakaninsa da gazuwal gayyata ce ga mai haɗa su ya sayar, injin wani ya mutu.

Yanzu ga inda Ramsey ke tuntuɓe. Da aka ce mutane ba sa gudun fetur, ana nufin fetur gaba ɗaya. Ba a ce ba sa gudun fetur ɗin gidan mai ba. Najeriya ta yi shekaru da dama tana sayar da mai da tallafi mai yawa, iyaka kuma ga ta nan, ta Binuwai, ta Mubi, ta Banki. Jarkoki na shigowa a kan babur da kwalekwale, lita a bakin titi ta fi ta famfo araha nesa ba kusa ba. Ɗan kilandon Garwa bai rage tafiya ba, bai kuma biya TSPP ba. Harajin bai tara kuɗi a nan ba, bai rage hayaƙi ba, abin da ya yi shi ne ƙara faɗin ribar mai fasa-ƙwauri. Duk ƙarin sefa goma a famfo kyauta ce ga mai benci.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwanaki lita a Najeriya ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, zuwa-zuwa ya yi tsalle a garuruwanmu, masu babur da suka manta hanyar gidan mai suka koma layi. Ba dokar Yawunde ce ta canza ba, ba kuma duwan ne suka ƙara ƙwazo ba. Abin da ke ƙayyade yawan harajin da Kamaru za ta iya karɓa a kan lita a Marwa shi ne tazarar farashi tsakaninta da maƙwabciya, tare da canjin naira da sefa, a cire kuɗin ɗauko jarka da abin da ake bayarwa a shingayen hanya. Muddin tazarar ta fi wannan kuɗin, jarka za ta shigo.

Kamfanonin taba sun san wannan hujja, kuma duk lokacin da aka zo ƙara musu haraji ita suke fara ɗagawa: za a cika kasuwa da ta fasa-ƙwauri. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a karɓar alƙalumansu ido rufe, tunda suna da riba a tsoratar da majalisa. Binciken da ba su suka biya ba ya sha nuna cewa yawan fasa-ƙwauri ya fi bin raunin tsaron iyaka da cin hanci fiye da tsadar haraji, akwai ƙasashe masu taba mai tsada da fasa-ƙwauri kaɗan, akwai masu araha da ya yi musu katutu. Hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. A fetur, a kwatanta litar da gidajen mai na gari suka sayar da yawan babura da motocin da ke yawo: idan babura na ƙaruwa cinikin famfo na raguwa, ba tsimi mutane suka koya ba. A taba kuwa masu bincike kan bi titi da kasuwa su tsince kwalayen da aka yar, ɗaruruwa, su duba kowanne: akwai tambarin haraji na ƙasar a manne, gargaɗin lafiyar da harshen da doka ta ce aka rubuta shi, ko na wata ƙasa ne? Na gwada wannan a ƙaramin mataki a gindin teburin unguwarmu. Mai teburin ya ga ina jujjuya kwalayen da ke cikin kwandon shararsa, ya yi dariya ya ce, "Malam, ba sai ka wahala ba. Na dama ɗin nan na kamfani ne, na hagun kuma da dare ake kawo mini su."